Taya Maƙwabci Murnar Ranar Haihuwa

Idan ka ji maƙwabcinka ya ƙara shekara, ka fara duba ko yana bikin. Dattawa da yawa ba sa yi, wasu na ƙin sa saboda addini; irin waɗannan gaisuwar kullum ta wadatar.

Wanda yake yi kuwa, ka jira inda kuka saba haɗuwa, ƙofar gida ko shago. Bayan kun gaisa ka ce, "Malam, ashe an ƙara shekara? Allah ya ƙaro masu albarka." Kada ka tambayi shekarunsa, kada ka buga waya tsakar dare.

In matar maƙwabci ce, bar wa maiɗakinka ta isar. Saƙo daga wayarka zuwa tata yana iya jawo zargi, ko da zuciyarka fari tas.