Eya-kula a ɗakin kaji: tana aiki a bazara, tana ba da kunya a damina

Ana yawan tambayata kan na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa, wadda muke kira eya-kula. Wani ya ce ta ceto masa kaji a watan Afrilu, wani kuma ya ce asarar kuɗi ce. Duka biyun gaskiya suka faɗa, lokacin da suka kunna ta ne ya bambanta.

Ba ta da gas irin na firij. Abu huɗu ne a cikinta: tankin ruwa, ƙaramin famfo, soso, da fanka. Famfo yana jiƙa soson, fanka ta jawo iskar waje ta ratsa shi. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi, kuma daga jikin iskar yake ɗiba, shi ya sa take fitowa da sanyi. Dabarar randa ce: ruwan da ke tsattsafowa a bayanta yana bushewa, na ciki ya yi sanyi.

To amma iska tana da iyakar ruwan da za ta iya ɗauka. Idan busasshiya ce sai ta kwashi da yawa, sanyi ya samu. Idan ta riga ta ƙoshi da laima, ruwan soson ba shi da inda zai je. Ku tuna shanya: a bazara kaya sun bushe nan da nan, a Agusta sai su kwana a igiya.

Kafin ka saya, ga gwajin da nake ba da shawara. Samo ma'aunin zafi guda biyu, ka naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka sa su gaban fanka a inuwa na minti biyar. Mai ƙyallen zai nuna ƙasa da ɗayan. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce iyakar sanyin da za a iya samu a ranar, kuma na'urar ba ta cinye tazarar duka. Mu ɗauka tamu tana cin kashi 70 cikin 100.

A ce rana ce ta bazara, irin ta Kano ko Maraɗi: zafi digiri 40, laima kashi 20. Mai ƙyalle zai nuna kusan 22, tazara 18 ke nan. Kashi 70 na 18 ya kusa 13, don haka iska za ta fito a wajen digiri 27. Wannan babban sauƙi ne ga buroila.

Yanzu a ce Agusta ne: zafi digiri 30, laima kashi 80. Mai ƙyalle zai nuna kusan 27, tazara 3 kacal. Abin da za ka samu bai wuce digiri 2 ba, iska ta fito a 28, amma laimarta ta haura kashi 90.

Nan ne hatsarin yake. Kaza ba ta gumi. Idan zafi ya dame ta haki take yi, danshin maƙogwaronta ya bushe ya tafi da zafin jiki. Wato ita ma da busasshiyar iska ta dogara. Ka cika ɗakin da laima, ka rage digiri 2 amma ka toshe mata hanyar da take sanyaya kanta. Ga shi shimfiɗar ƙasa, ko ta katako ko buntun shinkafa, za ta jiƙe ta dunƙule, warin amoniya ya tashi, cutar kashin jini ta samu wurin zama.

Alamomin ba su ɓuya: na'ura na aiki amma kaji na haki sun saki fukafukai, ka damƙi shimfiɗa ta cure a hannunka, kai kanka ka shiga jikinka ya yi danƙo. Ruwan tanki ma zai daina raguwa kamar da, domin ba ya bushewa.

Idan tazarar ma'aunan nan ta gaza digiri 4, kashe famfon ka bar fanka kaɗai. A irin wannan rana kaɗawar iska a jikin kaji ce ke taimakonsu. Ko a bazara kuma, kada ka rufe ɗakin ruf kamar mai esi. Bakin na'urar ya sha iskar waje, sannan ka bar taga a ɗaya ɓangaren don iska mai laima ta fita. In ba haka ba, da hannunka za ka haɗa damina a cikin ɗakin.

Masu kiwo a wurare irin su Legas da Fatakwal, inda laima ke sama kusan duk shekara, gara ku sa kuɗin a fanka da buɗaɗɗen gini. Mu na arewa, daga Maris zuwa saukar ruwa ne lokacinta. Allah Ya sa albarka a kiwo.