Takardar neman hutun aikin Hajji: lissafin da ma'aikaci zai yi kafin ya rubuta

Ayyukan Hajji kansu ba sa wuce kwana biyar zuwa shida, daga 8 ga Zulhijja zuwa 12 ko 13. Amma maniyyacin da ya biya kuɗin kujera ta hannun hukumar jin daɗin alhazai ta jiharsa yakan yi wata ɗaya, wani lokacin har kwana arba'in, bai ga ƙofar gidansa ba. A tsakanin waɗannan lissafi biyu ne yawancin takardun neman hutun Hajji suke karyewa. Mai wannan rubutu ya daɗe yana aiki a sashen kula da ma'aikata na wata masana'anta a Kano, kuma a duk shekara, da an sha ruwa an yi Sallah ƙarama, sai takardun su fara sauka a teburinsa. Mafi yawansu suna da ladabi da kyakkyawar niyya. Abin da suka rasa shi ne lissafi.

Takardar da aka fi gani tana buɗewa da doguwar gaisuwa, ta tuna wa manaja cewa Hajji rukuni ne na biyar a Musulunci, sannan a layin ƙarshe ta nemi "hutun mako biyu ko uku". Ba ranar farawa, ba ranar dawowa, ba sunan wanda zai riƙe aiki. Manajan da ya karanta irin wannan, ko da shi ma Alhaji ne, babu abin da zai sa wa hannu. Sai ya rubuta a gefe cewa a zo a yi magana, takardar ta kwanta a fayil, maniyyaci kuwa yana can yana halartar bita da zaton an gama.

Abu na farko da ya kamata ma'aikaci ya sani shi ne matsayinsa a doka. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ba ta ware wani hutu na musamman don aikin Hajji ba. Abin da sashe na 18 ya tanada shi ne hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki tare da albashi, bayan ma'aikaci ya cika wata goma sha biyu yana aiki ba yankewa. Kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka, amma wannan ya rataya ga takardar ɗaukar aiki da kundin ƙa'idojin ma'aikata. A aikin gwamnatin tarayya ma, wanda zai tafi don kansa daga hutunsa na shekara yake ɗiba, kuma yana buƙatar izinin fita ƙasar waje. A Saudiyya ne dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun Hajji mai albashi na kwana goma zuwa sha biyar, sau ɗaya a tsawon aikinsa, bayan ya yi shekara biyu a jere. Wasu ma'aikatanmu da suka taɓa zama a can suna zuwa da wannan a ka, suna rubutu kamar masu karɓar bashi. A nan gida takardar roƙo ce da tayin sulhu, kuma gara a rubuta ta a haka.

Misalin da mai rubutun nan ya fi so ya nuna wa sababbin maniyyata shi ne na wani ma'ajin sito da ya sauke farali a 2024. Tun a watan Disamba na 2023, kafin ya kammala biyan kuɗin kujera, ya kawo 'yar gajeriyar takardar sanarwa cewa yana da niyya, kuma yana so a ajiye masa hutunsa na shekara mai zuwa zuwa watannin Mayu da Yuni. Ya kuma roƙi a ɗage masa kwana biyar da suka rage masa a hutun 2023. Wannan shi ne tsarin da ya dace, domin hukumomin alhazai kan rufe karɓar kuɗi watanni da dama kafin tafiya, kuma mutumin da ya zuba miliyoyin naira kafin ya ji ta bakin wurin aikinsa ya riga ya ɗaure kansa.

Takarda ta biyu, wato ta ainihi, ta zo a watan Afrilu. Ga lissafin da ke cikinta. An sa ran tsayuwar Arfa a tsakiyar Yuni, kuma haka aka yi: ta faɗo ranar 15 ga Yuni, Sallah ranar 16. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta fara jigila ranar 15 ga Mayu daga Birnin Kebbi. Ma'ajin bai san ranar da jirginsa zai tashi ba, don haka ya nemi hutu daga Litinin 20 ga Mayu zuwa Juma'a 5 ga Yuli. Mako bakwai ke nan, ranakun aiki 35. Ya cire ranar 12 ga Yuni ta dimokuraɗiyya da kwana biyu na hutun Sallah, saura 32. Hutunsa na shekara kwana 20 ne, ga biyar da aka ɗage masa, ya zama 25. Sauran bakwai ɗin ya nemi a ba shi su ba tare da albashi ba.

Gangar jikin takardar, wadda ya rubuta da Turanci kamar yadda aka saba a ofisoshinmu, ma'anarta ita ce: "Ranka ya daɗe, ina neman izinin hutu domin sauke faralin aikin Hajji na bana, daga 20 ga Mayu zuwa 5 ga Yuli, in koma bakin aiki ranar Litinin 8 ga Yuli. Hukumar alhazai ce ke tsayar da ranar tashi da ta dawowa, kuma ba ta sanar da su sai an matso. Idan an sami sauyi zan sanar da ofis a rubuce a ranar da na sani. Duk kwanan da ya ƙaru a kan waɗannan, na amince a lissafa shi cikin hutun da babu albashi. Mataimakina zai riƙe sito, kuma za mu ƙirga kaya tare da mai binciken kuɗi ranar 16 ga Mayu kafin in miƙa makullai." Ya haɗa da kwafin rasit ɗin hukumar alhazai. Shafi ɗaya bai cika ba. Manajan, wanda ba Musulmi ba ne, ya sa hannu a ranar.

Jimlar nan da ke magana a kan ƙarin kwanaki ita ce zuciyar takardar, kuma ita ce kusan kowa ke mantawa. Watan Zulhijja da ganin jinjiri yake tsayuwa, sai kotun ƙolin Saudiyya ta sanar, don haka ranar Arfa kan iya gusawa da kwana ɗaya daga abin da kalanda ta nuna. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne jirgi. Ana kiran maniyyata sansanin alhazai, su kwana ɗaya ko biyu a kan tabarma suna jira, wani lokacin a ce su koma gida sai an neme su saboda biza ba ta fito ba. A dawowa kuma ƙa'idar ita ce wanda ya riga zuwa shi ke riga komowa, kuma jigilar takan ɗauki makonni saboda cunkoson filin jirgin Jidda. Alhajin da ya rubuta wa manajansa ranar dawowa ƙwaya ɗaya tak ya yi alkawari da abin da ba ya hannunsa.

An ga ƙarshen irin wannan alkawari. Wani direba ya nemi mako huɗu, aka ba shi, jirginsu bai taso ba sai bayan kwana tara da ƙarewar hutun. Bai aiko da saƙo ba, don a ganinsa kowa ya san inda yake. Amma littafin halarta bai san Makka ba. Abin da ya nuna shi ne rashin zuwa aiki ba tare da izini ba. Ya dawo da dabino da zamzam na tsaraba, ya tarar da takardar tuhuma tana jiransa. An dai sasanta, amma an yanke masa albashin kwanakin, kuma takardar ta zauna a fayil ɗinsa. Da ya turo saƙon waya na layi biyu daga masaukinsa, da ba a kai nan ba.

Shawarar sanya ayoyi da hadisai a takardar kuwa, mai rubutun nan ba ya goyon bayanta. Manaja Musulmi ya riga ya sani, yana iya ma jin kamar ana ɗaure shi da jijiyar jikinsa. Wanda ba Musulmi ba kuma jimla ɗaya ta ishe shi: ibada ce ta wajibi sau ɗaya a rayuwa, tana da ƙayyadadden lokaci a shekara, ba a iya ɗage ta zuwa wani watan. Abin da ke hana manaja barci daban ne, wato wa zai buɗe sito, wa zai sa hannu a takardun biyan kuɗi, wa zai ɗauki aikin dare. Saboda haka sunan mai riƙon ƙwarya ya fito a takardar, kuma ya kasance an riga an yi magana da shi ya yarda. Sau da yawa ana kiran wanda aka ambata ya ce yau ya fara ji.

Hutun da babu albashi ma yana da nasa ƙulli. Idan ana cire wa ma'aikaci bashin banki ko na ƙungiyar gama kai daga albashi, watan da aka zaftare kwanaki zai iya zuwa da abin da bai kai cefanen gida ba, a daidai lokacin da maigida ba ya nan kuma ga hidimar Sallah. Ma'ajin nan ya je ofishin albashi tukuna aka buga masa nawa kwana bakwai za su ci, ya roƙi a raba yankan gida biyu, Yuli da Agusta, aka kuma rubuta hakan a takardar amincewa. Wanda hutunsa ba zai kai ba ko ta yaya, sai ya duba jirgin yawo, inda kamfanoni masu lasisi ke shirya tafiyar mako biyu zuwa uku, ko da yake takan fi tsada.

Ga manajoji kuma, akwai abin da ya rage a kansu. Lokacin Hajji yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya a kowace shekara, don haka ana iya sanin watan da zai faɗo tun shekaru kafin ya zo, a sa shi a jadawalin hutu tun watan Janairu. Inda mutum biyu a sashe ɗaya suka nema a shekara guda, ya kamata a sami rubutacciyar ƙa'ida, misali a fifita wanda bai taɓa zuwa ba, sannan wanda ya riga sanarwa. Idan babu ƙa'ida, duk hukuncin da aka yanke za a fassara shi da son kai.

Maniyyacin bana da bai rubuta ba tukuna ya ɗauko kalanda da kundin ƙa'idojin wurin aikinsa a makon nan. Ya ƙara kwana biyu a ƙarshen lissafinsa saboda murar da alhazai kan dawo da ita da kuma masu zuwa sannu da zuwa. Idan ya miƙa takardar, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa, kuma kada ya shiga sansanin alhazai sai amincewar tana hannunsa a rubuce, da sa hannu da kwanan wata. "Ba komai, Allah ya kai ka lafiya" da manaja ya faɗa a bakin ƙofa addu'a ce mai kyau, amma ba ta shiga fayil.