Tsarin Bitar Wata Guda don Jarrabawar Sarrafa Sigina ga Ɗalibin da ke Haɗa Karatu da Aiki

Ɗalibin injiniya da ke aikin rabin yini ba shi da wata guda cur, sa'o'i ƙidayayyu ne a hannunsa. Idan ya samu sa'a ɗaya da rabi a kowace ranar aiki biyar, da sa'o'i huɗu a ranar hutu, mako huɗu za su ba shi sa'o'i 46 kacal. Waɗannan ba za su isa a sake karanta littafi daga bango zuwa bango ba. Saboda haka tsarin da wannan maƙala ta gabatar ya ginu ne a kan warware tambayoyi da hannu, ana bin batutuwa yadda wani ya dogara ga wani.

Makon farko na kwambolushan ne, wato lissafin da ke nuna abin da sigina ke zama bayan ta ratsa mataci. Ɗalibi ya ɗauki x = [1, 2, 3] da h = [1, 1], ya juya h, ya riƙa gusa ta mataki-mataki yana ninkawa yana tarawa, har ya samu [1, 3, 5, 3]. Amsar na da ma'auni biyu. Tsawonta dole ya zama N + M − 1, a nan 4. Jimillarta kuma dole ta yi daidai da jimillar x sau jimillar h, wato 6 sau 2, 12. Wanda ya saba da wannan yana kama kuskurensa cikin daƙiƙoƙi, ko da a gajiye ya dawo daga aiki.

Mako na biyu na juyin Fourier da juyin Z ne. An jinkirta su ne da gangan, domin babban amfaninsu shi ne mayar da kwambolushan ninkawa, kuma wanda bai sha wahalar na farkon ba ba zai ga sauƙin ba. Sabon batu irin wannan a bar shi ga ranar hutu, daren ranakun aiki kuwa na maimaici ne.

A mako na uku ne ake fuskantar ɗibar samfuri, inda maki ke yawan zubewa. Ƙa'idar Nyquist ta ce saurin ɗiba ya wuce ninki biyu na kaɗawa mafi girma da ke cikin sigina. Idan ana ɗibar samfuri 8000 a daƙiƙa, kamar yadda ake yi wa muryar tarho, iyakar ita ce 4000 Hz. Sautin 5000 Hz ba ɓacewa yake yi ba, sai dai ya yi ɓad-da-kama ya fito a matsayin 3000 Hz, wato 8000 a debe 5000. Ɗalibin da ya rubuta cewa sautin ya ɓace ya haddace ƙa'idar ne kawai, bai fahimce ta ba. Tsara matatai ya biyo baya a ƙarshen makon.

Mako na huɗu ba a buɗe sabon babi. Ranar hutu a zauna wa tsohuwar takardar jarrabawa da agogo, sauran dararen kuma a koma kan tambayoyin da suka gagara kaɗai.