Amsoshin Tambayoyinku: Insulin da Ƙwayoyin Ciwon Sukari

Wata mai sauraronmu daga Katsina tana tambaya: me ya sa insulin ɗin mahaifiyarta yake fari kamar madara, na maƙwabciyarsu kuwa garau yake?

To malama, ba iri ɗaya ba ne. Farin nan matsakaici ne: yakan fara aiki bayan awa 1 zuwa 2, ya ɗauki awa 12 zuwa 18. Garau ɗin kuwa, a nan ake ruɗewa. Akwai mai saurin da ke kamawa cikin minti 15, akwai na minti 30 wanda ake yi kafin cin abinci, akwai kuma gilajin mai kwana da yini. Duk kamarsu ɗaya a ido, don haka kada Hajiya ta ari na kowa.

Ƙwayoyin sha ma hanyarsu daban-daban. Metfomin yana rage sukarin da hanta ke fitarwa. Dangin gilibenkilamaid suna matsa wa gaɓar da ke samar da insulin ta ƙara, shi ya sa wanda ya sha bai ci abinci ba zai ji rawar jiki da gumi, sukari ya faɗi. Dangin dafagiliflozin kuwa ta fitsari suke zubar da sukarin.