Majina mai ɗigon jini da tarin da ya ƙi ƙarewa

Wata mai sauraronmu daga Ƙofar Taramniya a birnin Sakkwato ta ce mijinta ya shafe wata guda yana tari, yanzu majinar da yake tofarwa har da zaren jini a ciki. Tana tambaya ko ƙurar hunturu ce.

To, Malama, launin majina shi kaɗai ba ya bayyana cuta. Fara ko ruwan ɗorawa, har ma koriya, duk mura na kawo su, saboda haka kada maigida ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis don ya ga launi ya sauya.

Jini kuwa a fara duba inda ya fito. A lokacin hunturu hanci kan bushe ya yi haɓo, jinin ya gangara maƙogwaro, dasashi ma kan yi jini. Wanda ya fito daga ƙirji yakan zo tare da tarin, a cakuɗe da majina.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne tsawon lokacin. Tarin da ya kai mako biyu ana yi masa gwajin tarin fuka, balle idan akwai rama da gumin dare. Ya je Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Majinar da za a gwada daga ƙirji za ta fito, ba yawu ba, kuma gwajin da maganin kyauta ne. Ko an ce babu ƙwayar cutar, ya nemi hoton ƙirji, musamman idan yana shan taba.

In jinin ya yi yawa ko numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.