Amsar Tambaya: Tsarabar Kofi Ga Sabon Shiga

Tambaya: Aminiyata ta fara shan kofi kwanan nan. Wane irin ƙunshi zan saya mata?

Amsa: 'Yar'uwa, nemi ƙunshin da ke da butar gilashi mai matsewa da garin kofin Arabika na Habasha, mai matsakaiciyar suya. Kofin Robusta ya fi shi ɗaci, sinadarin hana barcinsa kuma kusan ninki biyu ne, zai iya korar ta tun kofin farko. Garin ya zama mai tsaki-tsaki, domin mai laushi yakan bi ta rariya ya taru a gindin kofi.

Ki haɗa da 'yar takarda: "Ƙawata, cokali 2 a kofi ɗaya, ruwan ya ɗan huce bayan tafasa, ki jira minti 4 kafin ki matse. Kada ki sha bayan la'asar."

Kada ki sayi buhu guda, ƙamshinsa gudu yake in an buɗe. Giram 250 ya ishe ta.