DARASIN KIWON LAFIYA: CIWON ZUCIYA BA IRI ƊAYA BA NE

Idan likita ya ce wa dangi, "ciwon zuciya ne," sai hankalin kowa ya tashi. Wasu sukan ɗauka ajali ne ya zo. Amma abin da ake kira ciwon zuciya ba abu ɗaya ba ne. Akwai manyan iri guda uku: toshewar jijiyar zuciya, da tsayawar zuciya, da gazawar zuciya. Kowanne da alamominsa, kuma kowanne da abin da ya kamata dangi su yi.

Manoman rani na Rurum Sabon Gari da sauran garuruwan Rano da Kibiya sun san injin ban-ruwa. To, zuciya ma inji ce. Tana jawo jini, tana tura shi ko'ina a jiki, dare da rana. Inji yakan samu matsala ta hanya uku. Ko tiyon mai ya toshe, ko wuta ta ɗauke ya mutu nan take, ko kuwa ƙarfinsa ya ragu ya kasa tura ruwa sosai.

1. Toshewar jijiyar zuciya

Zuciya tana da ƙananan jijiyoyi da ke ciyar da naman jikinta. Idan kitse ya taru a cikin ɗaya, gudan jini kuma ya toshe ta, sai wani sashe na naman zuciya ya fara mutuwa. Wannan shi ne kamar toshewar tiyon mai.

Mai wannan ciwo yana cikin hayyacinsa, yana magana. Yakan ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Ciwon yakan bi hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi. Gumi yakan karyo masa ko da ana sanyi. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga a wasu lokuta ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai haki da kasala da tashin zuciya. Shi ya sa ake ɗaukarsa gyambon ciki ne, a yi ta ba shi madara har lokaci ya ƙure.

Idan ciwon ya wuce 'yan mintoci bai lafa ba, a zaunar da shi, a nemi mota, a tafi Babban Asibitin Rano. Kada a jira gari ya waye, kada kuma a bar shi ya tuƙa babur. Ana iya ba shi asfirin mai miligiram 300 ya tauna, in dai ba ya zubar da jini, ba shi da gyambon ciki, kuma asfirin bai taɓa yi masa illa ba.

2. Tsayawar zuciya

Akwai wata 'yar wuta a cikin zuciya wadda ke sa ta bugawa. Idan ta rikice, zuciya takan daina tura jini nan take. Mutum ya yanke jiki ya faɗi. A kira shi, a girgiza shi, ba ya amsawa. Ba ya numfashi, ko kuma yana shaƙuwa jefi-jefi. Toshewar jijiya tana iya jawo wannan, amma ba ita kaɗai ba.

A nan babu lokacin jiran mota, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan kamar minti 5 babu jini. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Mutum ɗaya ya durƙusa, ya ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjin, ya miƙe gwiwar hannu, ya riƙa dannawa da ƙarfi. Ƙirjin ya riƙa lotsawa kamar santimita 5. A danna sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kamar sau biyu a kowane sakan. In ya gaji, wani ya karɓa. Wani kuma ya ruga neman ma'aikacin lafiya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki.

A 1989 ɗan ƙwallon Nijeriya, Samuel Okwaraji, ya faɗi ana tsakiyar wasa a Legas, ya rasu. A 2021 kuwa Christian Eriksen na ƙasar Denmark ya faɗi a fili, aka danna masa ƙirji nan da nan, aka ɗana masa na'urar da ke daidaita wutar zuciya, ya farfaɗo. Danna ƙirji yana riƙe rai ne kawai, sau da yawa sai da wannan na'ura zuciya ke tashi.

3. Gazawar zuciya

A nan zuciya ba ta tsaya ba. Tana aiki, amma ƙarfinta ya ragu, sai ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu da ciki. Wannan ciwo yakan zo a hankali. A ƙasar nan babban abin da ke kawo shi shi ne hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba. Akwai kuma wani iri da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, wanda ya yi yawa a ƙasar Hausa.

A ɗauki misalin mai jego da ta yi wata ɗaya da haihuwa. Da farko takan yi haki in ta ɗebo ruwa. Bayan mako biyu ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai uku. Tana farkawa cikin dare da tari. In aka danna ƙaurinta da yatsa, wurin yakan lotsa ya daɗe bai cike ba. Wannan ba ƙibar jego ba ce, kuma ba sanyi ba ne. Ruwa ne. A kai ta asibiti a ranar. Za a auna jininta, a ba ta maganin da ke sa fitsari don ruwan ya fita, da wasu na ƙarfafa zuciya. Ana iya tura ta Asibitin Malam Aminu Kano a ɗauki hoton zuciyar.

A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, bai samu cewa waɗannan al'adu ne tushen ciwon ba. Ya nuna cewa ramammun mata da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki sun fi kamuwa. Duk da haka, kanwa da gishiri da dunƙule suna riƙe ruwa a jiki. Wadda ciwon ya kama ta bar kunun kanwa, a rage mata gishiri a miya.

Mata da yawa sukan samu sauƙi, wasu su warke. Amma kada a daina magani don kumburi ya saɓe. In nauyinta ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ya dawo. Kuma ita da maigidanta su shawarci likita kafin wani cikin, domin ciwon yana iya dawowa.

Tambayoyi

1. A cikin ukun nan, wanne ne mutum ke faɗuwa ba ya amsawa?
2. Sau nawa ake danna ƙirji a minti ɗaya?
3. Faɗi alamomi uku na gazawar zuciya ga mai jego.
4. Me ya sa ba a danna ƙirjin mutumin da ke magana?